Hoton ƙashi a waya: abin da likita zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba

Likita, ga hoton ƙirjina na turo. Akwai wani farin abu kamar ƙugiya a tsakiya, an ce mini jifa aka yi mini. (Wata baiwar Allah daga Gusau)

'Yar'uwa, da wace riga kika shiga ɗakin hoton? Siffar abin nan ta fi kama da maƙalar rigar mama. Duk wani ƙarfe fari fat yake fitowa a fim, ko ɗan kunne ne ko fil ɗin mayafi, kuma hoto ɗaya ba ya nuna ko abu a cikin jiki yake ko a kan fata. Ki koma a sake ɗauka bayan kin cire duk abin da ke da ƙarfe. Idan ya sake fitowa, a ƙara da hoton gefe, likita ya duba. Kafin nan kada ki ba kowa ko sisi da sunan cire jifa.

Wani ya duba hoton mahaifina a waya ya ce zuciyarsa ta kumbura. Gaskiya ne? (Wani matashi daga Maraɗi)

Ba zan iya cewa e ko a'a ba. Faɗin zuciya da faɗin ƙirji muke gwadawa, idan ta wuce rabi sai mu fara zargi, kai kuwa hoton da ka turo an yanke haƙarƙarin gefe ɗaya, to da me zan auna? Sannan in a kwance aka ɗauki Baba, zuciya takan fito da girman da ba nata ba. In ƙafafunsa na kumbura, ko numfashi na gagararsa in ya kwanta, ku kai shi asibiti yau tare da ainihin fim ɗin.

Ɗana mai shekara 7 ya faɗo daga bishiyar mangwaro shekaranjiya. An yi hoton hannun, ƙanena ya ɗauka a waya ya tura wa wani abokinsa, aka ce tsagewa ce kawai, sai muka kai shi wajen mai ɗori. Tun daren jiya yake kuka, yatsunsa sun kumbura. Mai ɗori ya ce alamar ƙashi na haɗuwa ce. Ga hoton, ka duba mana. (Wata uwa daga Funtuwa)

Hajiya, ki ajiye karatun nan tukuna. Ku sassauta ɗorin yanzu, ku rataye hannun a wuyansa da ɗankwali, ku nufi sashen gaggawa na babban asibiti. Kada ku jira gari ya waye, kada ku jira ran da mai ɗori ya ce a koma, kuma kada a ba shi abinci a hanya domin wataƙila a shiga da shi tiyata. Sauran bayanin kya karanta a can.

Ƙashi ba ya haɗuwa a kwana biyu, kuma haɗuwarsa ba ta sa yaro kwana yana ihu. Hannun da ya karye kumbura yake yi a kwanakin farko. Idan an jera masa kara an ɗaure tam, kumburin ba shi da inda zai tafi sai ciki, sai ya matse hanyoyin jini. Naman da jini ya daina isarsa yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6 zuwa 8, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa. Alamar farko ita ce ciwon da ya wuce misali, wanda maganin ciwo ba ya taɓawa, musamman in an miƙar wa yaron da yatsu a hankali ya ƙwalla ƙara. Daga nan sai yatsu su yi sanyi, su daina ji, launinsu ya sauya. Ran da kukan ya tsaya hannun ya yi baƙi, kada a ce sauƙi ya samu. Wallahi maganar nan ta "ciwo alamar haɗuwa ce" tana ƙona mini rai, don da ita ake rarrashin iyaye har lokacin ceton hannun ya wuce.

Yanzu ga hoton. Zan faɗa miki abin da na gani, da inda ganina ya tsaya.

Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙasusuwa biyu ne a jere. A hoton da kika turo ina ganin ɗaya daga ciki, na ɓangaren ƙaramin yatsa, ya karye ya ɗan lanƙwashe. Wannan zan iya tsayawa a kansa, domin abu babba da ya fito fili ko hoton waya yakan nuna shi. Amma ɗayan ƙashin da ya fito kamar lafiya lau, shi ne ya tayar mini da hankali. Ƙasusuwan nan biyu a haɗe suke sama da ƙasa, kamar sanduna biyu da aka ɗaure bakinsu. In ɗaya ya karye har ya lanƙwashe, da wuya ɗayan ya tsira. In bai karye ba, sau da yawa kansa ne ya goce daga mazauninsa a gwiwar hannu. Wani likitan tiyata na ƙasar Italiya mai suna Monteggia ya bayyana irin wannan rauni tun 1814, shekaru kusan tamanin kafin a gano hoton ƙashi a 1895. Da ido da hannu ya gane shi, yana tsaye a kan mara lafiya.

To ina gwiwar hannun a hotonki? Babu ita. Ƙanenki ya matso da waya kan inda ya ga karaya, ya yanke sama da ƙasa, kamar yadda kowa zai yi. Mu kuwa ƙa'idarmu a dogon ƙashi ita ce a ga gaɓar da ke samansa da wadda ke ƙasansa. Da gwiwar ta fito, da na ja layi ta tsakiyar ƙashin nan da bai karye ba, in ga ko ya nufi ƙwallon da ya kamata ya zauna a kai. In layin ya kauce, an samu gocewa. A kwanakin farko akan mayar da ita cikin sauƙi bayan an sa yaro barci, a sa filasta. In aka bar ta makonni, sai babbar tiyata, kuma ba lallai gwiwar ta koma lanƙwasa yadda take ba.

Abu na biyu, fuska ɗaya kika turo. Karaya ta gaba da ta gefe ake ɗauka, aƙalla biyu. Ki ɗaga yatsunki biyu gaban fitila, ɗaya a bayan ɗaya, ki dubi inuwarsu a bango, za ki ga kamar yatsa guda. Haka ƙashin da ya zame gaba ko baya yake fitowa a miƙe sumul in ta gaba kaɗai aka kalle shi. Wanda ya ce muku tsagewa ce kawai ba shi da hanyar sanin haka daga wannan hoton, ko da shi ƙwararre ne.

Na uku, an yanke kusurwar fim ɗin da ke ɗauke da suna, da kwanan wata, da harafin R ko L mai nuna dama ko hagu. Ban san hannun wa nake kallo ba, sai dai in yarda da maganarki. Kuma an ɗaga fim ɗin ne a jikin taga, har ƙarfen tagar da ganyen darbejiya ina gani ta cikin ƙashin yaron.

Ko da a ce ban ga komai ba, ba zan ce miki lafiya lau ba. Tsagewa siririya kamar gashi ita ce farkon abin da ke ɓacewa in waya ta matse hoto. Ƙashin yara kuma yana da nasa rikicin: bakinsa guringuntsi ne da bai gama zama ƙashi ba, yana fitowa kamar baƙin layi, sai a ɗauke shi karaya alhali wajen girma ne, ko a ɗauki karaya ta gaske a ce wajen girma ne. A gwiwar hannu kaɗai wurare shida ne ke bayyana ɗaya bayan ɗaya yayin da yaro ke tasowa. Uwa uba, matsewar jinin da nake jin tsoro a hannun ɗanki ba ta fitowa a hoton ƙashi ko kaɗan, ko a fim na asali. Sai an taɓa hannun.

Ku tafi da fim ɗin a cikin ambulan ɗinsa na takarda. In sun ce sai an wuce gaba, Kano ko Zariya ko Katsina, ku wuce, kada ku biya ta gida a yi shawara. Na san akwai maganar kuɗi, na san kuma akwai dattawan da za su ce asibiti yanke hannu suke yi. Hannun da ake yankewa galibi wanda aka kawo bayan ya riga ya mutu ne. Ku tafi yanzu, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya.

Wata uku ina tari. Na nuna wa mai kemis hoton ƙirjina a waya, ya ce tibi ce, ya haɗa mini magani. In fara sha? (Wani direba daga Azare)

Kada ka fara, Malam. Fari-farin da ke saman hoton nan naka ma ƙyallin fitilar waya ne a kan fim, ba ni da tabbacin akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Ko fim mai kyau aka sa mini a gaba, iyakata in ce huhun nan abin zargi ne, domin tabon tsohuwar cuta da ciwon sanyin haƙarƙari da wasu cututtukan duk sukan yi kama da tarin fuka. Gwajin kaki ne ke tabbatarwa, kuma na'urar da ake amfani da ita yanzu tana nuna har ko ƙwayar cutar ta bijire wa ɗaya daga manyan magungunan. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, maganin kuma wata 6 ake sha ba fashi. Haɗe-haɗen kemis na mako biyu shi ke koya wa cutar taurin kai. Tari ya wuce mako biyu ma gwaji ake yi, balle wata uku, ga ka kullum a rufe cikin mota da fasinja. Ka je gobe, kuma in ka ga jini a kaki kada ka jira goben.

Garinmu da nisa da likitan ƙashi. In dole sai an tura hoto, yaya za a ɗauka? (Wani ma'aikacin lafiya a karkara)

Buɗe farin shafi a allon kwamfuta, ƙure haskensa, ɗora fim a kai, kashe fitilar ɗaki da ta waya. Riƙe wayar daidai saitin fim, kada ta karkace. Ɗauki fim ɗin gaba ɗaya har kusurwoyinsa huɗu, sannan ka matso ka ɗauki wajen ciwon daban, kuma kowace fuska da nata hoton. A WhatsApp ka tura ta Document don kada ya matse shi. Ka rubuta shekarun mara lafiya, da yadda abin ya faru, da inda ya fi jin zafi in an danna. Likitan kaɗai za ka tura wa, da izinin mai shi, tunda sunansa na jiki. In akwai rauni a buɗe, ko kumburi mai ƙaruwa, ko yatsu sun yi sanyi, ka sa shi a mota tukuna, hoton ya bi shi a baya.