LOQ ya fito 6 ng/mL alhali ana ganin 0.5 a fili

Tambaya: "Ina tantance hanyar auna gubar afalatoksin B1 a gyaɗa da HPLC. Na ja layin kalibireshan daga 0.5 zuwa 100 ng/mL, R² ya ba ni 0.999, SLOPE 1500, STEYX 900. LOQ ya fito 6, amma ina ganin tsinin 0.5 ƙarara. Ina matsalar?"

Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, faɗin layin ne ya cuce ka. Ƙa'idar ICH Q2 ita ce LOD = 3.3σ/S, LOQ = 10σ/S, inda σ shi ne STEYX, S kuma SLOPE, kuma da lambobinka dole su fito 1.98 da 6. LOD shi ne mafi ƙarancin adadin da za a iya ganowa, LOQ kuma mafi ƙarancin da za a iya aunawa da tabbaci. Amma STEYX warwatsuwar duk ɗigogin layin yake aunawa. A HPLC kuwa, yadda ƙarfin sinadari ke ƙaruwa haka kuskuren awo ke ƙaruwa. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a ɗigon 100 ng/mL ya kai 1500, wato ninki biyu na dukan amsar 0.5, wadda 750 ce kawai. Manyan ɗigogin ne suka kumbura σ. R² ba ya nuna wannan, shi ya sa na daɗe da daina dogara da shi a nan.

Ka ja wani layi dabam a ƙasa-ƙasa, kamar 0.1, 0.2, 0.5, 1 da 2 ng/mL. Kowane mataki a haɗa shi sau uku daga farko, domin yi wa kwalba ɗaya allura sau uku na'ura kaɗai yake gwadawa, ban da hannunka. A ce STEYX ya sauko 60, S yana nan 1500: LOD zai zama 0.13, LOQ kuma 0.4 ng/mL. Ka kula, LINEST na Excel yana ba da wata lamba ta kuskuren mahaɗar layi, wadda sau da yawa ta fi ƙanƙanta. Kada ka ɗauke ta don sakamako ya yi kyau, kuma ka rubuta a rahoto wane σ ka yi amfani da shi.

Wannan 0.4 ɗin na ruwan cikin kwalba ne, ba na gyaɗa ba. Idan ka jiƙa giram 25 a mililita 125, ba ka ƙara tsarmawa ko tattarawa ba, sai ka ninka da 5, ka samu 2 µg/kg. Wannan shi ne daidai iyakar da Tarayyar Turai ta sa wa B1 a gyaɗar ci, don haka hanyar tana kan gaɓa. Ni dai zan tattara samfurin bayan tacewa har LOQ ya sauka nesa da iyakar.

Sannan lissafi ƙiyasi ne kawai. Ka samo gyaɗa marar gubar, ka zuba mata sinadarin daidai matakin LOQ, ka bi dukan hanyar sau shida. Idan RSD, wato warwatsuwar sakamakon shidan, ya wuce kashi 20, ko abin da ya dawo ya gaza kashi 70, ka ɗaga LOQ zuwa mataki na gaba ka sake gwadawa.