Wayar kwastomata ba ta iya karanta shafin shagona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Gombe, ɗan yayata ne ya gina mini shafin da ake yin oda. Wata Hajiya, tsohuwar kwastomata da idonta ya tafi, ta ce wayarta tana karanta mata komai da murya, amma a shafina ba ta jin sunan kaya ko farashi, kuma fom ɗin ya gagare ta. Maigidana ma ya ce rubutun dishi-dishi yake gani. Yaron ya ce sai an rushe an sake gini. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A'a, da wuya a kai ga rushewa. Yawancin irin wannan aikin gyara ne na kwana biyu ko uku, muddin an san inda za a taɓa. Shawarata ita ce kada ku bi shafin gaba ɗaya. Ku bi hanyar da mai saye ke bi kawai: ya ga turmi, ya san kuɗinsa, ya cike fom, ya danna maɓallin aikawa. A kan wannan hanyar ciniki ke zubewa.

Mu fara da ƙorafin Alhaji maigidanki, don shi ya fi sauƙin gyara. Bambancin hasken rubutu da na bangon da yake kai ba abin gardama ba ne, aunawa ake yi. Baƙin rubutu a kan fari yana ba da 21 da 1, shi ne ƙololuwa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi a duniya, WCAG, ta ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5 da 1, babban rubutu irin na kanu kuma kada ya gaza 3 da 1. Masu shagon kaya suna son ruwan gwal a kan fari, don yana kama da alfarma. Amma gwal ɗin da aka fi sawa, `#D4AF37`, a kan fari kusan 2 da 1 yake bayarwa, bai kai rabin abin da ake nema ba. Abin daɗin shi ne ba sai kin rabu da launinki ba. Ki mai da gwal ɗin bango, a ɗora baƙin rubutu a kansa, sai ya tashi kusan 10 da 1. Haka ruwan toka mai haske da samari ke so, `#999999`, bai kai 3 da 1 ba a kan fari; tokar da ta fi haske wadda ta tsallake ita ce `#767676`, ita ma da ƙyar. Yaron zai iya duba wannan a burauzar Chrome, akwai Lighthouse a ciki da zai jero masa wuraren da suka faɗi. Ke kuma gwajinki ba ya buƙatar kwamfuta: ki fita ƙofar shago da azahar a watan Maris, ki buɗe shafin a ƙaramar waya. Abin da ranar Gombe ta ɓoye miki, shi ne abin da dattijo mai yanar ido ke rasawa ko a cikin ɗaki.

Sai hotuna. Manhajar da Hajiyar ke amfani da ita, TalkBack idan wayar Android ce ko VoiceOver idan iPhone ce, tana dogara ne da ɗan bayanin da mai gini ya liƙa wa kowane hoto, wanda ake kira `alt`. In babu shi, ko ta ce hoto ne kawai, ko ta kama karanto sunan fayil, tarin lambobi marasa ma'ana. To wannan aikin naki ne fiye da na yaron, don ke kika san kaya. Ki ɗauka kwastoma ce ta kira ki ta ce, "Yaya turmin yake?" Abin da za ki faɗa mata a numfashi ɗaya shi za a rubuta:

```html
<img src="atamfa12.jpg"
 alt="Atamfa kore da zanen ganye ruwan gwal, manyan fure">
```

Ba sai an ce "hoton atamfa" ba, manhajar kan faɗi cewa hoto ne. "Atamfa mai kyau" kuma bai gaya wa kowa komai ba. Hoton da ado ne zalla, kamar zanen da ke raba sashe da sashe, a ba shi `alt=""` don manhajar ta tsallake shi, kada ta cika wa mutum kunne.

Zargina mafi girma game da farashin da ba ta ji shi ne an rubuta shi a jikin hoton. Al'adarmu ce: a haɗa hoton talla mai ɗauke da kuɗi da lambar waya da lambar asusu, a tura a WhatsApp, sannan a ɗora shi a shafi yadda yake. Ga mai gani rubutu ne, ga manhaja kuwa zane ne. Farashi, yawan yadi da lambar asusu dole su fito a matsayin rubutu na gaske a ƙarƙashin hoton. Wannan zai amfani har masu ido, don za su iya kwafar lambar asusu maimakon haddacewa, kuma in sabis ya yi rauni a hanyar Dukku ko Bajoga hoto ya ƙi buɗewa, farashin yana nan.

Yanzu fom, inda na fi son ku daɗe. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar akwati ba suna, sai ɗan rubutu mai toka-toka a cikinsa yana cewa "Lambar waya". Da an fara rubutu sai ya ɓace. Wanda aka katse shi da sallama ya dawo bai san wane akwati yake ciki ba, manhaja kuma ba kullum take ɗaukarsa a matsayin sunan akwatin ba. Kowane akwati yana buƙatar sunansa a samansa, wanda ba ya gushewa, kuma a ɗaure su a cikin lambar gini:

```html
<label for="waya">Lambar waya</label>
<input id="waya" type="tel" autocomplete="tel">
```

Kalmar da ke cikin `for` dole ta zama daidai da ta cikin `id`, ita ce igiyar da ta haɗa su. Za ki iya gane ko an ɗaure ba tare da kin iya karanta wannan ba: ki taɓa kalmar "Lambar waya" ita kanta. In akwatin ya buɗe don rubutu, an ɗaure. In ba abin da ya motsa, ba a ɗaure ba. Shi kuma `type="tel"` yana sa waya ta fito da madannan lambobi kai tsaye.

Abin da ke biyo bayan kuskure ma ya fi wannan kora mutane. A ce Hajiya ta rubuta lamba 10 maimakon 11. A shafuka da yawa akwatin zai yi ja kawai. Makauniya ba ta san ya yi ja ba, mai matsalar bambance ja da kore ma haka. Ya kamata a rubuta da kalmomi, dab da akwatin: "Lambar waya ba ta cika ba, a rubuta lamba 11, kamar yadda take farawa da 0." Sannan shafin ya mai da mutum kan akwatin da ke da gyara, kuma kada ya goge abin da aka riga aka cike. Da wuya wanda aka share wa adireshi sau biyu ya sake na uku. Akwatin adireshin ma, a bari na faɗi son raina, a sakar masa mara. Fom da aka kwafo daga waje yana tilasta lambar gidan waya da lambar gida, alhali mutuminmu zai ce Tudun Wada, bayan masallacin Juma'a, gida mai shuɗin ƙyaure. A ba shi babban akwati ɗaya na kwatance, a cire duk abin da ba ki buƙata don kai kaya.

Batun kibod za ki iya cewa bai shafe ki ba, tunda kwastomominki da waya suke zuwa. Ya shafe ki, domin abin da kibod ya kasa isa gare shi sau da yawa manhajar karatu ma tana tuntuɓe a kansa, ga kuma masu rawar hannu ko shanyewar ɓarin jiki da ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta. Ki sa yaron ya ture linzamin gefe, ya yi odar turmi ɗaya da `Tab` don gaba, `Shift+Tab` don baya, `Enter` don dannawa. Ki tsaya a bayansa ki lura da abu uku. Ko kina ganin inda yake a kowane lokaci? Burauza tana zagaye abin da aka tsaya kansa da layi, amma masu gini kan kashe shi da `outline: none` wai don yana ɓata ado. In haka ne a mayar da shi. Ko tafiyar tana bin tsari daga sama zuwa ƙasa, ba tsalle-tsalle ba? Sannan ko ya isa maɓallin aikawa? In `Tab` ya tsallake shi, to kusan tabbas an yi maɓallin da `<div>` ne aka yi masa fenti. Maganin layi ɗaya ne:

```html
<button type="submit">Aika oda</button>
```

Maɓallin da alama ce kawai, kamar kwandon sayayya ko gicciyen rufewa, shi ma yana buƙatar suna, misali `aria-label="Rufe"`. Ku kula da tallan da ke faɗowa ya rufe fuska: in `Esc` ko maɓallin rufewa ba ya kawar da shi, mutum ya maƙale ke nan a bakin ƙofa.

Gargaɗi biyu. Makin Lighthouse ba shaidar kammalawa ba ne. Zai gane hoto ba shi da `alt`, amma ba zai gane an rubuta wa jan leshi "kore" ba. Kada kuma a sayar miki da ɗan maɓallin nan da ake mannawa a gefen shafi da alkawarin zai gyara komai da kansa. Bai san atamfarki ba, kuma sau da yawa yana rikita manhajar da makaho ya riga ya saba da ita.

Da an gama, ki kunna TalkBack a wayarki, yana cikin Settings ƙarƙashin Accessibility. Shafa yatsa zuwa dama yana kai ki abu na gaba, taɓawa sau biyu tana dannawa. Ki fara koyon yadda ake kashe shi kafin ki shiga, don yakan ruɗa sabon shiga. Bayan nan ki roƙi Hajiyar ta sake gwada oda kina kan layi da wata wayar, yaron na gefe da biro, duk inda ta yi shiru ko ta ce "me ya ce?" ya rubuta wurin.