Ka tambaye ni: je veux ko je voudrais?

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma yi dariya da na karanta. Ka ce malaminku na Faransanci ya ja maka layi ƙarƙashin je veux ya rubuta je voudrais a kai, kai kuwa ba ka ga laifin da ka yi ba, tunda ƙamus ya ce vouloir shi ne so, kuma mu a Kano "ina son kaza" ba zagi ba ne. Gaskiyarka a nahawu, gaskiyar malam a titi. Bari in faɗa maka yadda mu da muka daɗe a Faris muke yi da wannan magana.

Ni ma da je veux na iso garin nan. Satina na farko na shiga shagon burodi da ke kusa da masaukina, na bi layi, da aka zo kaina na ce wa matar da ke sayarwa: Je veux une baguette. Ba ta miƙa hannu ga burodin ba. Sai ta dube ni ido cikin ido ta ce Bonjour, ta ja kalmar, ta yi shiru tana jira. Na ɗauka ba ta ji ba ne, na sake maimaitawa da ƙarfi. Ta sake cewa Bonjour, monsieur. Wani dattijo Bazabarme da ke bayana, wanda ya ga hulata, shi ne ya raɗa mini da Hausa: "Malam, gaishe ta tukuna." Na gaishe ta, ta ba ni burodina, ta ajiye canjin a kan ɗan faranti ba tare da ta sake kallona ba. A ranar kuskure biyu na yi a jimla ɗaya, kuma je veux shi ne ƙaramin.

Abin da na gane bayan shekaru shi ne, mu da su duk muna da ladabi, wurin da muka ajiye shi ne ya bambanta. Bahaushe gaisuwa yake loda wa ladabinsa. Ka yi sallama, ka ce ina kwana, ya kasuwa, ya iyali, ya gajiya. Kafin ka kai ga buƙatarka ka riga ka biya haƙƙin mutum. Saboda haka in ka ce "ba ni shinkafa kwano biyu", babu mai jin ka yi rashin kunya. Bafaranshe kuwa gaisuwarsa ga baƙo kalma ɗaya ce, bonjour, ba ya tambayar iyalin wanda bai sani ba, in ma ka tambayi nasa sai ya tsargu. To da yake gaisuwar gajeriya ce, sauran ladabin sai ya koma cikin jikin aikatau. Mu idan muka zo nan mukan yar da doguwar gaisuwarmu don an ce ba a yi, mu kuma riƙe "ba ni" ɗinmu. Ka ga mun tashi ba wan ba ƙanen.

Je veux sigar yanzu ce, kai tsaye: ina so, kuma nufina ke nan. A kunnen Bafaranshe maganar yaro ce mai rigima a gaban kanti, ko ta mai ba da umarni. Iyaye a nan kullum suna gyara wa yaransu: On ne dit pas je veux, on dit je voudrais, wato ba a cewa je veux, je voudrais ake cewa. 'Ya'yana da aka haifa a nan sun sha jin wannan tun suna ajin rainon yara. Je voudrais kuma sigar da suke kira conditionnel ce, sigar "da" da "in da hali". Kada ka ɗauka baƙon abu ne a gare ka. Tuna yadda kake shiga wurin mahaifin abokinka neman wani abu. Ba ka cewa "ina son aron mota". Cewa kake "Baba, da ma motar nan ce nake so in ara, in ba za a fita da ita ba", ko "ko zan samu". Wannan "da ma" ɗin shi ne voudrais. Ka ja buƙatarka baya kaɗan, ka bar wa mutum ƙofar cewa a'a, ko da kuwa kai da shi kun san zai ba ka. Bambancin kawai, mu manya muke yi wa haka, su kuwa har mai sayar da tumatir.

A rubutu ka kula da harafin ƙarshe. Je voudrais da s shi ne na ladabi. Je voudrai ba s sigar nan gaba ce, "zan so". A baki mutane da yawa kusan iri ɗaya suke furta su, amma malaminka zai gani a takarda.

Yanzu ga abin da littafinku ƙila bai faɗa ba: wajen tambayar hanya da farashi, ba kasafai ake amfani da ko ɗaya daga cikin biyun ba. A ce ka sauka a filin jirgin Charles de Gaulle, ka hau jirgin ƙasa na RER B zuwa tashar Gare du Nord, kana son zuwa Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka ke cefane. Ka tsayar da wata mata. In ka soma da doguwar shimfiɗa, cewa kai baƙo ne, jiya ka zo, don Allah ta taimaka maka, kafin ka gama ta wuce, don ta ɗauka bara za ka yi. Mutanen tashar nan a guje suke. Abin da ke tsayar da su gajere ne:

Bonjour madame, excusez-moi, je cherche la ligne 4.

Je cherche, wato "ina neman", la ligne 4 kuma layi na huɗu na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba ka ce kana so ba, ba ka ce ta yi maka wani abu ba, ka dai faɗi halin da kake ciki, ita kuma sai ta cike. Za ta nuna maka ta ce direction Porte de Clignancourt, tasha biyu: Barbès-Rochechouart, sannan Château Rouge. In kana son ka ƙara laushi, ga Pourriez-vous m'indiquer la ligne 4, wanda shi ma conditionnel ne, na pouvoir, "ko za ki iya nuna mini". Yana da kyau ga dattijai da ma'aikatan ofis. Je veux aller à Château Rouge kuwa za a gane ka, amma ji za a yi kamar ka shiga tasi kana ba direba umarni.

A amsar ma akwai rami. Tout droit, da ake furtawa kamar "tu durwa", nufinsa miƙe sak. À droite, kamar "a durwat", shi ne hannun dama. Wannan t ɗin na ƙarshe ya sa na yi yawon minti ashirin a cikin ruwan sama ina neman wata hanya da ke gabana. In ba ka ji sosai ba, nuna da hannu ka maimaita, za a gyara maka.

Ka fito daga tashar, ga kasuwar Dejean, ga kuɓewa da doya da busasshen kifi. Farashi yawanci a rubuce yake a kan ɗan allo, kuma na kilo ne. In babu, Bonjour, c'est combien le kilo, s'il vous plaît ? ya isa. Je voudrais savoir le prix daidai ne, sai dai ya yi wa teburin kuɓewa nauyi, kamar ka sa babbar riga zuwa ɗibar ruwa. Ka ajiye shi don waya ko ofis. Inda je voudrais ke zaune daram shi ne lokacin da ka yanke shawarar saye: Je voudrais un kilo de gombos, s'il vous plaît. Mai kaya zai ce Et avec ceci ?, wato sai me kuma. Ka ce Ce sera tout, merci, shi ke nan. Ka tambayi jimla da Ça fait combien ? Sannan ka buɗe kunne, don lissafinsu sai an saba: 70 sittin da goma ne, 80 ashirin huɗu, 90 ashirin huɗu da goma. A shago ba a tayi. Ba "albarka", ba "rage mini". A wurin 'yan'uwanmu masu kasa kaya a gefen titi akan ɗan taɓa ciniki, kuma a can za ka ji tu da donne-moi, wato "kai" da "ba ni", suna yawo kamar a Yamai, ba mai jin haushi. Kuskuren shi ne ka ɗauki wannan harshen ka tsallaka titi da shi ka shiga kantin magani. Ga wanda ba ka sani ba vous ne, kamar yadda muke ce wa babba "ku".

'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda su ne mafi yawan Hausawan da nake hulɗa da su a nan, sun fi mu 'yan Najeriya shan mamaki a kan wannan. Mu mun san ba mu iya ba, a tsorace muke magana. Su kuwa da Faransanci suka yi makaranta, bakinsu ya faɗa, sai ga mai shago yana ɗaure musu fuska ba su san dalili ba. Wani abokina ɗan Maraɗi ya daɗe yana cewa ƙin baƙar fata ne. Wariya akwai ta, na gamu da ita, ba zan ɓoye maka ba. Amma na sha ganin an yi wa Bature ɗan yawon buɗe ido irin wannan Bonjour mai ja da aka yi mini. A 2013 wani ɗan shagon kofi a birnin Nice ya yi suna saboda allon da ya kafa: un café yuro 7, un café, s'il vous plaît yuro 4.25, Bonjour, un café, s'il vous plaît yuro 1.40. Raha ce, amma dubi yadda aka jera kuɗin: gaisuwar ce ta kai shi ƙasa.

Kada kuma ka binne je veux gaba ɗaya, yana da ranarsa. Tsakaninka da abokai ba komai. Idan an zalunce ka, ka yi ta voudrais ba a saurare ka ba, Je veux parler au responsable, wato "ina son magana da shugaban wurin", yana sanar da su cewa wasa ya ƙare, kuma ƙarfinsa daga rashin yawan amfani da shi yake zuwa. Sannan ga je veux bien, wanda ƙarin kalma ɗaya ya juya shi ya zama amsa mai daɗi. In an miƙo maka shayi aka ce Vous voulez du thé ?, amsar mai so ita ce Je veux bien, merci. In ka ce merci kaɗai, musamman kana ɗan ɗaga hannu, an ɗauka ka ƙoshi. Irin kawaicin nan namu na ƙin abu sau ɗaya don a sake tayi ba ya aiki a nan. Na taɓa kwana da yunwa a gidan wani abokin aikina saboda shi.

Da yamma, wajen ƙarfe shida, bonjour yakan koma bonsoir. Mace kowace iri ce ka ce madame. Tun 2012 aka cire mademoiselle daga takardun gwamnati, kuma ba ka asarar komai in ka bar shi. In za ka fita daga shago ka ce merci, bonne journée ko da ba ka sayi komai ba.

Ka gaida mahaifiyarka. Ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tun azumi, kuma je voudrais wani.