Alat bai isa ba, sai ka yanka masa rasit

Oga, ɗan hayan ɗaki na 4 ya turo min sikirinshot wai ya yi tiransifa, ya ce ba sai na rubuta masa rasit ba tunda alat ma sheda ne. In ƙyale shi haka?

A'a yaro, kar ka ƙyale. Alat kuɗi kawai yake nunawa sun tashi daga nan sun faɗa can, baya cewa na wane ɗaki ne, na wace shekara ce, cikon bara ne ko kafin alƙalamin bana, kuma rigimar haya yawanci a nan take tashi, ba a kan ko an biya ba.

Kafin ma ka taɓa biro, ka kira maigidan ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin da idonsa a cikin jerin abin da ya shigo. Sikirinshot ana iya gyara shi, saƙon tes ma ana ƙirƙira na bogi, wani lokacin kuma ɗan hayan bai yi ƙarya ba, an cire masa kuɗin amma sun maƙale a hanya, daga baya su koma masa bai ma lura ba. In ka riga ka ba da rasit to ka sa hannu ke nan a kan kuɗin da ba su zo ba.

Bari in yi maka lissafi da irin ɗakin nan. A ce hayarsa 360,000 ce a shekara, daga 1 ga Maris 2025 zuwa 28 ga Fabrairu 2026. Ɗan hayan ya tura 200,000 daga OPay ɗinsa, bayan sati biyu ya je wurin mai POS ya sa aka tura 100,000. Rasit biyu za ka yanka, kowanne da ranarsa, kar ka jira wai sai ya cika ka haɗa masa guda. A na farko ka sa cikakken sunansa, adireshin gidan da lambar ɗaki, 200,000 da lamba da kuma kalmomi, wa'adin nan daga rana kaza zuwa rana kaza, sannan ka rubuta saura 160,000. Kar ka taɓa rubuta "kuɗin hayar bana" kawai, domin bana ɗinka daban, nasa daban.

Sai lambar tiransifa. In daga wani banki zuwa wani ne za ka ga Session ID a jikin rasit ɗin waya, lamba 30 ce, da ita banki ke bin sawun kuɗi in an yi musu. Kwafe ta duka, na san da tsawo amma ka daure. In cikin banki ɗaya ne ko walat irin MoMo, wata ƙila lambar Transaction ID ko Reference ce za ka gani, ita za ka ɗauka.

Na mai POS ɗin nan shi ya fi ba ni tsoro wallahi. Sunan da zai fito a asusun maigida na mai POS ne, ba na ɗan haya ba, bayan wata takwas maigida ya ciro sitatimen ya nemi sunan mutumin ya rasa, sai ya rantse 200,000 kaɗai ya gani, kuma har zuciyarsa gaskiya yake faɗa. Don haka a rasit na biyu ka rubuta cewa kuɗin sun fito daga asusun wane, a madadin wane, saura 60,000. Haka za ka yi in matarsa ko yayansa ne ya tura. Ƴar takardar da injin POS ke fitarwa kuwa rubutunta gogewa yake yi in ta kwana biyu, ka ɗauki hotonta ranar, ko ka yi fotokofi ka manna a bayan kabon.

Ka riƙa gaya wa ƴan haya tun kafin su tura su rubuta abu a wurin Narration ko Remark, kamar haya ɗaki 4 Maris 2025. Kuma asusu ɗaya tak, wanda ke cikin takardar yarjejeniya, kar ka yarda a tura naka ko da maigidan ya yi tafiya. Kuɗin ajiya na ɓarna, na ruwa, na shara, ko da a tiransifa ɗaya ya haɗo su, ka raba su layi-layi, in ba haka ba ranar tashi zai lissafa su duka a cikin haya.

Ɗan hayan ya sa hannu a rasit ɗin, ka sa, ka ba shi na sama, kabon ya zauna a littafi, ka tura hotonsa ga shi da maigida a WhatsApp. Yanzu kira maigidan tukuna, in kuɗin sun shiga ka ɗauki littafin ka same shi ɗaki na 4 kafin magariba.