Idan alaƙar kadarori biyu ta juya, me ya sa riba ba ta motsi amma haɗari yake raguwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin ilimin harkokin kuɗi ne. An ba mu lissafin naira miliyan 2 da aka raba rabi da rabi tsakanin kadara A, mai ribar da ake sa rai kashi 18 cikin ɗari da ma'aunin haɗari σ na 30, da kadara B, mai kashi 12 da σ na 20. Na yi lissafi da ma'aunin alaƙa ρ = 0.8, na sake yi da ρ = −0.5, sai ribar ta tsaya a kashi 15 duk sau biyun. Ko na yi kuskure? A ganina idan ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka, ai ribar za ta cinye kanta.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ka yi kuskure ba, ɗan'uwa, kashi 15 ɗin daidai ne, kuma ko da za ka gwada ρ sau ɗari ba zai gusa ba. Dalilin yana cikin tsarin lissafin kansa, domin ribar da ake sa rai a ƙunshin jari matsakaicin ribar kadarorin ce kawai, kowace gwargwadon kason kuɗin da aka zuba mata:

```
E(R) = wA·E(RA) + wB·E(RB)
     = 0.5×18 + 0.5×12 = 15
```

Babu inda ρ ya shigo a nan. A kuɗi, naira 300,000 ke nan ake sa ran samu a shekara a kan miliyan 2.

Ruɗanin ya taso ne daga fassarar da ake yi wa alaƙa mai alamar ragi. Ba ta nufin cewa duk lokacin da A ta ci riba sai B ta yi asara. Abin da ρ yake aunawa shi ne yadda kowace kadara take kaucewa daga nata matsakaicin: idan A ta wuce kashi 18 ɗinta, shin B ta fi yawan wuce kashi 12 ɗinta a wannan lokacin, ko kuwa ta fi yawan gazawa? Kadarori biyu suna iya zama masu riba duka biyun a tsawon shekaru, amma shekarun albarkar ɗaya su riƙa faɗowa a shekarun ƙuncin ɗayar. Abin da yake cinye juna shi ne kaucewar, matsakaicin kuwa yana nan daram.

Hanya mafi sauƙi ta ganin haka ita ce a ɗauka cewa kowace kadara tana da irin shekara biyu kacal, kuma damar aukuwarsu ɗaya ce. Kadara A takan ba da kashi 48 a shekara mai kyau, ta yi asarar kashi 12 a mummuna, wato 18 a ƙara 30 ko a debe 30. Kadara B takan ba da kashi 32 ko ta yi asarar kashi 8. Idan kullum tare suke shiga shekara mai kyau, tare kuma suke shiga mummuna, mai rabi da rabi zai sami kashi 40 ko ya rasa kashi 10. Idan kuwa kullum saɓanin juna suke yi, a shekarar da A ta kawo 48 B ta rasa 8 zai tashi da kashi 20, a shekarar da A ta rasa 12 B ta kawo 32 zai tashi da kashi 10. Matsakaicin 40 da −10 shi ne 15, haka ma matsakaicin 20 da 10. Tsakiyar ba ta sauya ba, tazarar da ke gefenta ce ta tsuke daga 25 zuwa 5.

Wannan tazara ita ce σ, ma'aunin kaucewa, kuma ninkinsa da kansa, σ², shi ne bariyansi. A nan ne ρ yake da ta cewa:

```
σp² = (wA·σA)² + (wB·σB)² + 2·(wA·σA)·(wB·σB)·ρ
    = 15² + 10² + 2×15×10×ρ
    = 325 + 300ρ
```

Kaso biyu na farko, 225 da 100, haɗarin kowace kadara ne ita kaɗai, kuma ba ruwansu da alaƙa. Kaso na uku ne yake ɗauke da labarin gaba ɗaya. Da ρ = 0.8 yana ƙara 240, bariyansi ya zama 565, tushensa kuma ya ba da σ na kimanin 23.8. Da ρ = 0 kason ya ɓace, saura 325, σ ya zama kimanin 18. Da ρ = −0.5 kason ya koma ragi na 150, bariyansi ya sauko 175, σ ya zama kimanin 13.2. Wato daga lissafinka na farko zuwa na biyu bariyansi ya ragu da kusan kashi 69 cikin ɗari, amma σ ya ragu da kimanin kashi 44 ne kawai, saboda ɗaukar tushe yana tauye girman sauyin. Ɗalibai da dama sukan rubuta adadin farko su kira shi raguwar haɗari, alhali wanda mai kuɗi yake ji a aljihunsa shi ne na biyu, domin shi ne ake aunawa da ma'auni ɗaya da riba. A kan miliyan 2 ɗinka, kaucewar da aka saba gani a shekara ta sauko daga kimanin naira 475,000 zuwa kimanin naira 265,000. A yanayi na farko kaucewa ɗaya zuwa ƙasa ta isa ta shafe ribar 300,000 ta taɓa uwar kuɗi, a na biyu kuwa ba ta kai nan ba.

Ga hanyar da za ka riƙa binciken kanka da ita a jarrabawa. Da wannan rabo, σ ba zai taɓa wuce 15 + 10 = 25 ba, wanda ake samu idan ρ = 1, ba zai kuma gaza 15 − 10 = 5 ba, wanda ake samu idan ρ = −1. Duk amsar da ta fita daga wannan iyaka kuskure ce, kuma yawanci ko dai an manta ninka kason kuɗi da kansa, ko an gauraya 0.30 da 30 a layi ɗaya. Wanda kuma ya sami 25 ko da wane ρ aka ba shi, ya ɗauki matsakaicin σ ne kamar yadda ake yi wa riba.

Abin da na fi so ka riƙe, wanda tambayar aikinku ba ta fito da shi ba, shi ne cewa sauyin alaƙa yana sauya rabon da ya kamata a yi tun farko. Kason A da yake ba da mafi ƙarancin bariyansi shi ne:

```
wA = (σB² − ρ·σA·σB) / (σA² + σB² − 2ρ·σA·σB)
```

Da ρ = 0.8, saman ya zama 400 − 480, wato ƙasa da sifili. Ma'anarsa ita ce, ga wanda ba ya sayar da hannun jarin aro, mafi ƙarancin haɗari shi ne ya zuba komai a B ya zauna da σ na 20, kuma kowace naira da ya mayar A tana ƙara masa haɗari, ko da yake tana ƙara riba. Iyakar tana wurin da ρ ya yi daidai da σB/σA, a nan kimanin 0.67. Da zarar alaƙa ta sauko ƙasa da haka, sai abin mamaki ya faru, ƙara ɗan kaso na kadara mai tsananin tangal-tangal ya rage tangal-tangal ɗin ƙunshin baki ɗaya. Da ρ = −0.5 lissafin ya ba da 700/1900, kimanin kashi 37 a A da 63 a B, inda σ ya sauko zuwa kimanin 11.9, riba kuma ta zama kimanin kashi 14.2. Wannan ya fi riƙe B ita kaɗai ta fuska biyu, riba ta fi 12, haɗari bai kai 20 ba. Shi ne ginshiƙin abin da Harry Markowitz ya nuna a 1952, aikin da ya sa ya sami lambar Nobel a 1990. Da ρ = −1, rabon 40 da 60 zai kawar da kaucewa gaba ɗaya ya bar ribar kashi 14.4, amma wannan a kan allo ne. Kadarori biyu masu riba mai tsoka haka ba sa zama kishiyoyin juna cif-cif a kasuwa, domin da an samu, masu saye za su yi musu rububi har farashi ya tashi ribar ta zube.

Akwai wuri ɗaya da raguwar kaucewa take taɓa abin da ya taru a hannu. Koma ga misalin shekaru biyu, ka ɗauka ana mayar da rabon rabi da rabi a ƙarshen kowace shekara, kuma an sami kowace irin shekara sau ɗaya. Ribar 40 da asarar 10 suna mayar da miliyan 2 zuwa naira 2,520,000, ribar 20 da ribar 10 kuwa suna kai ta 2,640,000. Matsakaicin ribar shekara iri ɗaya ne a duka biyun, amma asara tana rage uwar kuɗin da riba ta gaba za ta hau kai, shi ya sa tafiya mai natsuwa take tara fiye da mai hawa da gangara a irin wannan jerin shekaru.

Sai dai a wajen aji babu mai miƙa maka ρ, kai ne za ka ƙiyasta shi daga tarihi. A Excel, idan ribar wata-wata ta shekaru 5 tana ginshiƙai biyu, layin farko zai ba ka ρ, na biyu kuma σ na shekara na kadarar da ke ginshiƙin B:

```
=CORREL(B2:B61,C2:C61)
=STDEV.S(B2:B61)*SQRT(12)
```

Ka tabbata ribar kowane wata ka saka, ba farashi ba, domin farashi biyu da suke hawa a hankali saboda hauhawar farashin kaya za su nuna alaƙa mai ƙarfi ko da babu abin da ya haɗa su. Ka kuma tabbata da kuɗi iri ɗaya aka auna su; kadarar dala da aka mayar naira tana ɗauke da motsin canji a cikinta, kuma shi kaɗai yana iya juya alamar ρ. Kadarar da ba a cika cinikinta ba, kamar fili ko hannun jarin da yakan yi kwanaki ba a taɓa shi ba, takan nuna alaƙa kusa da sifili don kawai farashinta bai motsa a takarda ba.

Ko ƙiyasin ya yi kyau, ρ ba ya zama wuri ɗaya. A Amurka, kusan shekaru ashirin daga farkon shekarun 2000, hannayen jari da takardun lamunin gwamnati sun fi yawan saɓa wa juna, har masu zuba jari suka saba da cewa idan ɗaya ya faɗi ɗayan zai tallafe su. A 2022 hauhawar farashi ta sa babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwa da sauri, abin ya bugi ɓangarorin biyu lokaci guda: ma'aunin hannayen jari na S&P 500 ya yi asarar kimanin kashi 18, babban ma'aunin takardun lamuni kuma kimanin kashi 13. Saboda haka kafin ka yarda da alamar ragi, ka tambayi dalilin da ke bayanta, wato wane abu ne idan ya faru yake amfanar ɗaya ya cutar da ɗayar, kuma wane abu ne zai iya kayar da su tare. Sannan ka sake lissafin rabonka da ρ mai tsanani. Rabon 37 da 63 da muka samu, idan alaƙar ta koma 0.8, σ ɗinsa zai tashi daga 11.9 zuwa kimanin 22.5, kusan ninki biyu, ba tare da an saya ko an sayar da komai ba.