Yadda ake rufe takardar neman hutu ba tare da an takura wa oga ba

Tambaya: "Salam 'yan uwa. Za a yi wa mahaifiyata aiki ranar Talata 10 ga wata, ina neman hutun sati biyu daga Litinin 9 in dawo Litinin 23. Na rubuta takardar amma ƙarshen ya gagare ni. Abin da na sa shi ne: 'Don Allah Yallaɓai a taimaka a amince min cikin gaggawa domin ba ni da wani zaɓi. Za a iya kirana kowane lokaci. Na gode da amincewarka.' Ya yi ko in gyara?"

Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a yi aikin cikin nasara.

Ki gyara. Na daɗe ina karɓar irin waɗannan takardu a wajen aiki kafin su wuce sama, kuma abin da na lura shi ne layukan ƙarshe su ke tsayawa a ran mai karatu lokacin da zai ɗauki biro. Duk jimlolin nan uku da kika sa da kyakkyawar niyya kika sa su, amma kowacce akwai inda za ta cuce ki.

Wadda ta fi damuna ita ce ta cewa a kira ki kowane lokaci, don ita ce za ta biyo ki har gadon asibiti. Mutane suna rubuta wannan ne don su nuna ba gudun aiki suke ba, to amma alƙawari ne da ba za ki iya cikawa ba. Ranar Talata kina bakin ɗakin tiyata hankalinki ba a jikinki ba, wayar ma wataƙila tana cikin jaka, sai a kira sau uku ba ki ɗauka ba, shi kuma oga yana da takarda a fayil da sa hannunki cewa kowane lokaci ana samunki. Kin ga laifin ya dawo kanki kenan. In kuma kika dage kina ɗauka, hutun ya zama aiki daga nesa, za a riƙa kiranki a kan ina makullin durowa, ina fayil ɗin kaza, abubuwan da wani zai iya nemowa cikin minti biyar in ya san ba a samunki. Na ga wata da ta tafi hutun haihuwa da irin wannan alƙawarin, satinta na farko kusan kullum sai an kira ta, kuma ba mugunta ba ce, ita ta buɗe ƙofar.

Abin da oga yake son sani a gaskiya shi ne in abu ya taso ranar da ba kya nan wa zai nema. Saboda haka sunan wanda zai riƙe miki aiki shi zai fara zuwa, kafin lambarki. Kuma don Allah ki yi magana da mutumin tukuna ya yarda kafin ki sa sunansa, kar ya fara jin labari daga bakin oga, wannan yana ɓata zumunci a ofis sosai. Bayan shi sai ke, da hanya guda ɗaya tak. Kar ki jera lambobi biyu da imel da WhatsApp da lambar maigida, in hanyoyi suka yi yawa saƙon zai shiga wadda ba kya dubawa. A halin da za ki kasance saƙon tes ko WhatsApp ya fi kira, tunda a ɗakin marasa lafiya ba ko yaushe ake iya magana ba. Sai ki faɗi lokacin da za ki riƙa dubawa, misali sau ɗaya da yamma tsakanin ƙarfe 5 da 6, sannan ki fito fili ki faɗi ranakun da ba za a same ki ba sam, wato ranar aikin da washegari, 10 da 11. Mutane suna tsoron rubuta wannan, gani suke kamar rashin kunya ne, alhali shi ne ya fi kwantar wa shugaba da hankali don ya san ranakun da zai shirya wa. Ni in na ga takarda ta faɗi ranar da ba za a samu mai ita ba, na fi yarda da sauran abin da ta faɗa.

Wani abu kuma, kar ki sa kalmar sirrin kwamfutarki ko ta imel a cikin takardar wai don a samu sauƙi. Takardar hutu hannu da yawa take bi kafin ta kwanta a fayil. Abin da mai riƙon zai buƙata ki tura masa tun kafin ki tafi.

Sai maganar gaggawa da ba ni da zaɓi. Na san gaskiya kika faɗa, amma ki karanta ta da idon wanda aka aiko wa. Abin da zai ji shi ne an riga an yanke hukunci, sa hannunsa kawai ake jira, kuma in ya yi tambaya ko ɗaya ya zama marar tausayi. Wani shugaban zai sa hannu amma da ɗaci a ransa, wani kuma zai ajiye takardar kwana biyu don kawai ya nuna shi ke da ofis. Dalilinki mai ƙarfi ne, kin riga kin faɗe shi a sama, ba ya buƙatar ki sake ɗora masa nauyi a ƙasa.

Matsin nan kala-kala ne kuma da yawa ba a gane matsi ne. Akwai masu rufewa da "na haɗa ka da Allah" ko "ka dubi girman iyayenka", wannan a takardar aiki ɗaure mutum ne, don ba ka bar masa hanyar cewa a rage kwana biyu ko a gyara rana ba sai ya ji kamar ya yi saɓo. Addu'a daban, ki yi masa addu'a ba laifi, haɗa shi da Allah ne matsalar. Akwai masu cewa "kamar yadda aka ba wance watan jiya", wanda ke nufin in ba a ba ni ba an yi son kai, ga shi kuma an jawo wance cikin maganar da ba ruwanta. Akwai masu tuna wa oga shekarun da suka yi ba su taɓa neman hutu ba, da masu cewa na riga na sayi tikiti. Har da masu tura kwafi wa shugaban oga tun a saƙon farko. In tsarin wajenku ya ce a sa sashen kula da ma'aikata a kwafi to a sa, wannan ƙa'ida ce, amma tsallake shi zuwa sama tun bai ce komai ba barazana ce ko da ba a furta ba.

To amma rashin matsi ba yana nufin ki bar abin ba rana ba. Kina buƙatar amsa kafin wani lokaci, kuma halal ne ki faɗa. Bambancin shi ne ki ba da rana tare da dalilin da ya shafi aikin. "Cikin gaggawa" ba ta gaya masa komai sai cewa hankalinki a tashe yake. Amma in kika ce jin matsayarsa zuwa Laraba 4 ga wata zai ba ki Alhamis da Juma'a ki miƙa aiki, kin ba shi abin da zai sa a kalandarsa, kuma amfanin ofis ne. Sannan ki bar ƙofa a buɗe a inda za ki iya sassautawa da gaske. Ranar tiyata ba ta motsi, wannan a bayyane yake, amma wataƙila kwanakin ƙarshe na sati na biyu za ki iya tattaunawa a kai. In za ki iya ki faɗa, in ba za ki iya ba kar ki rubuta don neman suna, domin zai iya karɓar tayin.

Godiya kuma gajeriya ce, gyaran ɗaya ne. Kar ki gode da amincewar da ba a yi ba tukuna, ko da Turanci za ki rubuta akwai irin wannan jimlar ta godiya tun kafin a amince da mutane suka saba kwafa, ki bar ta. Ki gode da abin da ya riga ya faru, wato lokacin da ya ɗauka ya duba. Sau ɗaya ya isa, ba sai an jera kirari ba, kuma ba sai kin ba da haƙuri sau uku kamar kin yi laifi ba.

Ga yadda zan rufe ta in ni ce:

"Kafin in tafi zan miƙa ayyukan da ke hannuna ga wance, mun riga mun yi magana ta amince, kuma zan bar mata bayanin inda kowanne ya tsaya a rubuce. Idan wani abu ya taso da ita ba za ta iya warwarewa ba, a turo min saƙo ta wannan lambar, zan riƙa dubawa kullum tsakanin ƙarfe 5 da 6 na yamma, ban da ranakun 10 da 11 da zan kasance tare da mahaifiyata a asibiti. Zan dawo bakin aiki ranar Litinin 23 ga wata in sha Allah.

Idan da hali in ji matsayarka zuwa Laraba 4 ga wata, hakan zai ba ni kwana biyu in kammala miƙa aikin. Idan kuma akwai abin da kake so a gyara a kwanakin ƙarshe na hutun, a shirye nake mu tattauna.

Na gode da lokacin da ka ɗauka ka duba wannan buƙata."

Sai cikakken sunanki, muƙaminki ko sashenku, lambar ma'aikaci in kuna da ita, lambar wayar guda ɗaya, da kwanan wata. Ranar dawowar na maimaita ta da gangan duk da tana sama, don ita ce abin da ake yawan komawa nema a takardar, kuma ki duba sau biyu ta yi daidai da wadda kika sa a farko, na sha mayar da takarda saboda sama ta ce 23 ƙasa ta ce 24.

In Laraba ta zo shiru, kar ki ɗauka shirun amincewa ne ki kama hanya, kuma kar ki rubuta a takardar cewa in ba ki ji komai ba za ki ɗauka an yarda, wannan ma matsi ne kuma ba zai kare ki ba in aka rubuta miki rashin zuwa aiki. Ki leƙa ofishinsa ko ki tura layi ɗaya: "Yallaɓai ina tuni ne a kan takardar hutuna, ko akwai ƙarin bayanin da ake buƙata daga wajena?" In ya ce miki ki tafi ba komai da baki, ki gode masa sannan ki roƙi ya sa hannu ko ya amsa imel ɗin ko da kalma ɗaya ce, ki ajiye kwafinki kafin ranar Juma'a.