Maki na ƙaruwa da 20 maimakon 10

"Na haɗa wa ɗalibaina a Tudun Wada wasan kacici-kacici da JavaScript. Amsa daidai maki 10 ce, amma wani sa'in sai 20 ta hau. Ta ina zan kamo shi?"

Malam, fara da rubuta bayani kafin ka tsayar da komai. Ka sa wannan layin a daidai inda maki ke canzawa:

```js
console.log(tambaya, maki, Date.now());
```

Yi ta wasa har kuskuren ya fito. Idan ka ga layi biyu da lambar tambaya ɗaya, kusan a lokaci guda, lissafinka lafiya lau yake, sau biyu ake kiran aikin. Sai ka buɗe Sources a DevTools, ka danna lambar layin da maɓallin dama, ka zaɓi Add conditional breakpoint, ka sa `tambaya === 3`, ko lambar da ta maimaitu. Da ya tsaya, Call Stack zai nuna maka wanda ya kira.

Na taɓa kwana biyu a kan irin wannan. Ashe `addEventListener` na cikin aikin sake wasa, duk zagaye sai ya ƙara wani a maɓallin. Shi ya sa zagayen farko ba ya nuna komai, don haka ka gwada bayan danna "sake".